Yadda za ka ce wa kwastoma a'a cikin ladabi idan ya zo da ƙorafin da rasit ɗinka ya nuna ba haka ba ne

Duk wanda ya yi sana'ar POS ko da wata shida ne ya san wannan maganar: "an cire min kuɗi sau biyu, kai kuma sau ɗaya ka ba ni." Wani zai zo da sallama, wani kuma tun daga bakin titi zai fara ɗaga murya, kafin ka ankara masu shayi da 'yan adaidaita sun zagaye kwantenarka kowa na jiran ya ga ɓarawo. A kan wannan ƙorafin guda ɗaya zan yi magana, domin shi ne wanda ya fi yawa kuma shi ne wanda mutane suka fi lalatawa, ko dai su biya kuɗin da ba su ci ba saboda kunya, ko kuma su zagi mutum su rasa shi har abada alhali da sun bi a hankali da an rabu lafiya.

Bari in kawo wanda ya faru da ni sai mu riƙa binsa daki-daki. Wani dattijo ne mai sayar da hatsi a kusa da mu, ranar Juma'a bayan la'asar ya zo cirar dubu ashirin da kati, caji ɗari huɗu, wato 20,400 aka danna. Yarona ne a wurin ni na fita. An zura kati, ya sa fin, na'ura ta yi ta juyi ta yi ta juyi daga ƙarshe ta turo takarda da Declined. Yaron ya ce Baba bari mu sake, aka sake bayan minti uku, wannan karon Approved, ya ƙirga masa dubu ashirin ya tafi. Ranar Litinin da safe sai ga shi da ɗansa, waya a hannu, alat biyu na cire 20,400, ɗaya 4:12 ɗaya 4:15, yana cewa a ba shi dubu ashirin ɗinsa yanzu-yanzu shi ba ya son rainin hankali.

Mataki na farko: kar ka ce komai a kan gaskiya ko ƙarya tukuna

Kuskuren da muke yi shi ne saurin cewa "ba daga wajenmu ba ne, ka je bankinka." Mai yiwuwa gaskiyarka ce, amma a wannan lokacin kai kanka ba ka duba ba, kuma shi abin da kunnensa ya ji shi ne ka kore shi. Abin da nake yi shi ne in fito daga bayan kanta, in ba shi kujera, in ce Baba zauna dan Allah, ba ni labarin tun daga farko. Ka bar shi ya gama har ƙarshe ko da ka riga ka gane inda matsalar take tun daga jimlar farko. Wannan ba wai ladabi ne kawai ba, akwai amfani a ciki: a cikin labarinsa ne za ka samu ranar, lokacin, adadin, wane kati ne, wa ya samu a shago. Sannan sai ka maimaita masa abin da ya faɗa da bakinka, "wato Baba ranar Juma'a wajen ƙarfe huɗu, dubu ashirin, an gwada sau biyu, an ba ka kuɗi sau ɗaya, alat ya zo biyu, haka ne?" Idan ya ce haka ne, toh ka ɗaure ƙorafin wuri guda, ba zai dawo anjima ya koma dubu talatin ko ranar Alhamis ba.

Kuma in da hali ka janye shi daga idon jama'a. Mutumin da ya yi ihu a gaban mutum goma ba zai iya janyewa a gaban mutum goman nan ba ko da ya ga hujja ƙarara, girmansa ne zai hana shi, sai ya ƙara kafewa. Ni cewa nake a shigo ciki rana ta yi zafi, shi kenan.

Mataki na biyu: ka fara binciken kanka kamar kai ne mai laifin

A nan zan daɗe, don nan ne aikin yake. Ba ka da ikon ƙin ƙorafin mutum sai ka tabbatar da kanka cewa kuɗinsa ba ya hannunka, kuma wallahi akwai lokutan da yana hannunka ba ka sani ba. Abu huɗu nake dubawa, kuma dole su yi magana da murya ɗaya.

Na ɗaya rasit ɗin da na'ura ta fitar. Kowane gwaji yana da nasa, har wanda bai yi ba. A jikinsa akwai rana da lokaci, adadin kuɗi, lambar katin da aka rufe tsakiyarta aka bar shidan farko da huɗun ƙarshe, sai STAN mai lamba 6, wato lambar bin sawun gwajin, sai RRN mai lamba 12, wato lambar da banki ke nemo cinikin da ita, sai kuma lambar amsa wadda ita ce ke gaya maka me ya faru. 00 na nufin ya tafi lafiya. 51 kuɗin da ke akawun bai kai ba. 55 fin ne ba daidai ba. 91 kuma, wadda ita ce uwar rigima, na nufin bankin mai katin ko hanyar da ke haɗa bankunan ba ta amsa ba a kan lokaci. A irin wannan ne ake iya cire wa mutum kuɗi a can bankinsa amma amsar ba ta dawo wa na'urarka ba, sai ita ta ce Declined, shi kuma alat ya shigo masa. Rasit ɗin Baba na 4:12 91 ne, na 4:15 kuma 00, kowanne da RRN ɗinsa daban.

Ka lura da wani abu da mutane da yawa ba su gane ba: rasit ɗin Declined ba hujja ba ce ta cewa ba a cire wa kwastoma kuɗi ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne na'urarka ba ta samu izinin biya ba a wannan lokacin. Saboda haka kar ka taɓa ɗaga rasit ka ce "ai ba a cire maka ba", ka yi ƙarya ba ka sani ba, alat ɗinsa kuma zai ƙaryata ka nan take, daga nan duk abin da ka faɗa ya zube.

Na biyu tarihin shigar kuɗi a walat ɗinka, a manhajar kamfanin da ya ba ka na'urar. Wannan ya fi rasit ƙarfi domin shi ne ke nuna ainihin abin da ya shigo maka. Kar ka duba ranar Juma'a kaɗai ka rufe, ka bi har zuwa ranar da kake tsaye, saboda yakan faru jefi-jefi cinikin da ya nuna Declined daga baya kuɗin ya faɗo walat ɗinka, in ba ka lura ba ka ɗauka cikin cinikinka ne. Ka nemi adadin, ka nemi RRN ɗin na farko. A nawa, kafin 4:12 balas ɗina 186,500 ne, a 4:12 babu abin da ya motsa, a 4:15 aka shigo da 20,300 bayan kamfani ya cire naira ɗarinsa, balas ya koma 206,800. Na bi Asabar, Lahadi, safiyar Litinin, babu wani 20,300 ko 20,400 da ya shigo wanda ba ni da mai shi.

Na uku rijista, littafin nan da wasu ke ganin ƙauyanci ne. Ni duk cirar da ta kai dubu goma sai an rubuta lokaci, adadi, huɗun ƙarshen kati, sannan mai kuɗin ya sa hannu ko ya rubuta lambar wayarsa. Amfaninsa shi ne na'ura tana iya tabbatar da cewa kuɗi ya shigo maka, amma ba ta iya tabbatar da cewa ka miƙa wa mutum tsabar kuɗi a hannu, wannan sai littafi ko kyamara. Baba ya sa hannu a layi ɗaya, dubu ashirin, 4:16.

Na huɗu lissafin rufe kasuwa na ranar. Idan da yarona ya karɓi kuɗi sau biyu ya bayar sau ɗaya, da an ga rarar wajen dubu ashirin a daren Juma'a idan aka haɗa tsabar da ta rage da abin da ke walat. Ba a ga rara ba, lissafin ya zauna daidai sai 'yan canji. Na kuma kira yaron gefe na tambaye shi ba a gaban kwastoma ba, domin in ka tambaye shi a gaban dattijo yana faɗa tsoro kawai zai sa ya rikice ya faɗi abin da bai faru ba.

In ɗaya daga cikin huɗun nan ya saɓa wa sauran, toh tsaya, ba ka kai matsayin cewa a'a ba. Ka ce wa mutum ya ba ka zuwa gobe, ka kira kamfani. In kuma ka ga kuɗin a wajenka ka ƙirga masa kayansa har da ban haƙuri, maganar ta ƙare, sauran rubutun nan ba naka ba ne.

Mataki na uku: yadda ake shimfiɗa hujjar

Yanzu ka tabbatar, saura faɗa. Dabarar da ta fi min aiki ita ce in zauna a gefensa ba a gabansa ba, mu kalli takardun tare, kamar mu biyu ne muke neman inda kuɗi ya maƙale. Kuma gaskiya ma hakan ne. Na ɗauko rasit biyun na jera a kan benci, na ce wa ɗan nasa wanda ya iya karatu ya buɗe alat ɗin babansa, kuma shi na sa ya karanta ba ni ba. Abin da mutum ya karanto da bakinsa ya fi shigarsa fiye da wanda ka karanta masa.

Ka fara da inda yake da gaskiya. Na ce, "Baba maganarka gaskiya ce, an cire maka sau biyu, ga alat nan ni ma na gani, kuma sau ɗaya muka ba ka kuɗi, wannan ma haka ne." Ka ga daga nan kafaɗarsa ta sauka, don ya zo ne da shirin za a ce masa maƙaryaci. Sannan ka bi lokaci a jere, ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi tsalle. Ƙarfe 4:12, ga alat ɗinka, ga rasit ɗinmu, karanta min abin da aka rubuta a nan. Ɗan nasa ya ce Declined. Na ce toh ga walat ɗina a daidai wannan mintin, me ya shigo? Ya duba ya ce babu. Ƙarfe 4:15, ga alat na biyu, ga rasit, Approved, ga shi ya shigo, ga sa hannun Baba a littafi ya karɓi dubu ashirin. Sai na miƙa masa wayar na ce ya gangara da kansa har zuwa yau ya nemo wani 20,400 ɗin.

Amma kula, kafin ka miƙa wa mutum waya ko littafi ka tuna akwai bayanan wasu a ciki, sunaye, lambobin waya, adadin da suka cira. A manhaja ka tace da rana da adadi tukuna in tana yarda, in ba ta yarda ba wayar ta zauna a hannunka kai kake gangarawa yana kallo. A littafi kuma ka sa takarda ka rufe layukan sama da ƙasa. Unguwa ɗaya ce, ba ka so gobe a ji cewa a shagonka aka ga Hajiya wance ta cire dubu ɗari uku. Akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2023 a Najeriya, amma ko ba doka wannan amana ce.

Kar ka cika shi da lambobi. STAN da lambar na'ura da sauransu ba ruwansa da su a wannan zaman, lokaci da adadi da kalma ɗaya a kan rasit sun isa. RRN kuma sai an zo maganar zuwa banki.

Mataki na huɗu: ka faɗi a'ar a fili, sau ɗaya

Nan ne kunya ke kayar da mu. Mun nuna hujja tsaf amma sai mu kasa rufe maganar, mu ce "bari dai mu gani" ko "ka dawo jibi in sha Allahu", mutum ya tafi da tunanin jibi zai karɓi kuɗi, jibi ta yi ya dawo rigima ta dawo sabuwa fil, har ma ta fi ta farko tunda yanzu yana ganin ka yi masa alkawari ka saɓa. Abin da na ce wa Baba shi ne: "Ranka ya daɗe, kuɗin nan na farko bai zo hannuna ba, ka gani da idonka. Saboda haka ba zan iya biyan sa ba. Amma kuɗinka bai ɓata ba, yana wajen bankinka, kuma zan nuna maka yadda za a karɓo shi."

Ka ga abu uku ne a ciki, dalili, sai a'a, sai hanya, kuma babu inda na ce ya yi ƙarya ko bai fahimta ba. Kalmomin da za ka guje wa su ne irin su "ai ku ba ku gane harkar ba", "kullum haka kuke", "in ka ga dama ka kai ni ƙara". Haka kuma kar ka fara rantse-rantse, wallahi tallahi na rantse da Alƙur'ani. Mai takarda a hannu ba ya buƙatar rantsuwa, kuma da zarar ka rantse shi ma zai rantse, sai a koma wa ya fi wani tsoron Allah a bar maganar 4:12.

Ban haƙuri kuma a san a kan me ake bayar da shi. Ka ce "yi haƙuri da wahalar da ka sha, ka baro kasuwarka da sassafe", wannan daidai ne. Amma "yi haƙuri laifinmu ne" alhali ba laifinku ba ne, wannan magana ce da za a riƙe ka da ita a gaban mai unguwa ko a caji ofis.

Sai maganar raba asara. Wani maƙwabci zai matso ya ce haba a duba girman dattijo, ka ba shi ko dubu goma ne a wuce wurin. Ni ra'ayina kar ka yi. Ba don rowa ba, sai don duk wanda ya ga ka biya zai ɗauka ka amsa laifi ne, shi kansa dattijon zai tafi yana cewa ai sai da na matsa sannan ya fito da rabi. Ga shi kuma in banki ya mayar masa da kuɗinsa kun shiga wani sabon lissafi mai nauyin baki. Ribar cinikin nan gaba ɗaya ɗari uku ce fa, sai ka yi ciniki irinsa sama da talatin kafin ka mayar da dubu goma. In kana son kyautata masa ka biya masa kuɗin adaidaita zuwa banki, ka kuma faɗa a fili cewa kuɗin mota ne.

Mataki na biyar: ka sallame shi da abin riƙewa a hannu

A'a da hannu wofi ita ke dawowa. Kafin ya tashi na ce wa ɗan ya fara duba balas tukuna, ko ya buɗe manhajar banki ya duba sitatimen daga ranar Juma'a, saboda sau da yawa kuɗin ya riga ya koma tun tuni, alat ɗin komawar ne bai zo ba, ko ya zo da tsakar dare ya nutse cikin saƙonnin talla. A sitatimen za ka ga layi da aka rubuta Reversal ko RVSL da adadin daidai. Baba ba shi da manhaja, ƙaramar waya ce, balas ɗin da aka duba da lambar bugawa kuma bai warware mana komai ba tunda shi kansa bai riƙe nawa ne a ciki kafin Juma'a ba, ga kuɗin hatsi na shiga suna fita. Dole sai banki.

Na sake firinta masa rasit ɗin Declined daga na'ura, na kuma ɗauki hotonsa na tura wa ɗan a WhatsApp, domin takardar POS ba tawada ba ce, zafi ne ke rubuta ta, in ta kwana biyu a aljihu ko ta sha rana sai ta koma fara fat. Kai ma naka ka riƙa ɗaukar hoton duk wani Declined a ranar, kar ka dogara da tarin takardu a leda. A bayan takardar na rubuta masa da biro: rana, 4:12, 20,400, RRN ɗin, da lambar na'urata. Na ce ya je wajen masu kula da kwastoma ya ce an cire masa kuɗi a POS bai samu biya ba, za su ba shi fom ya cike, ya kuma nemi sitatimen na kwana huɗun nan, kuma kar ya fito sai an ba shi lambar ƙorafi. Na ja kunnen ɗan sosai a kan ya ba su RRN na 4:12 ba na 4:15 ba, don in aka shigar da ƙorafi a kan wanda ya yi nasara, bankinsa zai turo wa kamfanina tambaya, kamfani ya nemi in kawo hujjar na biya cikin ɗan lokaci, in na yi sakaci ban amsa ba a zare kuɗin daga walat ɗina. A irin wannan ranar ce littafin sa hannu ke ceton mutum.

Game da lokaci, tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a riƙa warware irin wannan matsalar ta POS cikin awa 72. Ka gaya wa kwastoma haka don ya san haƙƙinsa, amma kar ka ɗaukar masa alkawari da bakinka cewa ranar kaza zai ga kuɗi, ba kai ke riƙe da bankin ba, kuma duk mun san wani lokacin yana wuce haka. In banki ya yi shiru har sati biyu bayan ya shigar da ƙorafi, yana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin, da lambar ƙorafin nan da na ce kar ya baro.

In ta waya aka turo ƙorafin

Wasu ba sa zuwa, sai dai ka ga saƙon murya na minti huɗu da sikirinshot. Kar ka mayar da murya cikin fushi, rubutu za ka yi, domin rubutu shi ma hujja ne gobe, kuma ka ɗauka duk abin da ka rubuta za a iya tura shi guruf ɗin unguwa. Ga irin yadda nake rubutawa:

"Salamu alaikum Alhaji, na ga saƙonka kuma na duba. Ranar Juma'a an gwada katinka sau biyu a wajenmu. Na 4:12 bai yi ba, ga hoton rasit ɗin, kuma kuɗin bai shigo mana ba har zuwa yau, ga hoton shafinmu na wannan lokacin. Na 4:15 ya yi, mun ba ka 20,000 ka sa hannu, ga hoton layin. Don haka ba za mu iya biyan na farkon ba tunda ba ya wajenmu. Dan Allah ka duba sitatimen ko ya koma, in bai koma ba ka kai wa bankinka lambar RRN da ke jikin rasit ɗin na 4:12. In suna buƙatar wani abu daga wajenmu ka kira ni kowane lokaci. Yi haƙuri da wahalar."

Hotunan ka yanke su ya zama layinsa kaɗai ake gani. In ya dawo da zagi kar ka biye masa, kuma kar ka ƙaro sabbin dalilai, maimaita wancan ɗin dai a taƙaice sau ɗaya ka yi shiru. Yawan bayani yana sa a ga kamar kana kame-kame.

Akwai kuma wanda ba ruɗewa ya yi ba, da gangan ya zo, ya san kuɗinsa ya koma yana so ya ci biyu. Yadda ake gane shi ba wuya: mai gaskiya in ka ce a duba sitatimen da sauri yake miƙo waya don shi ma so yake ya sani, wancan kuwa sai ya ce ba caji, ko ba data, ko shi ba ya nuna wa kowa akawun ɗinsa, alat ɗin cirewa kawai yake ta tura maka a fuska. Ko shi ɗin ma kar ka kira shi ɗan damfara, ba ka da hujjar zuciyarsa, hujjar walat ɗinka kawai gare ka. Ka ce masa ba komai Malam, mu je bankin tare gobe ƙarfe tara a fitar da sitatimen a gabanmu, in kuɗin bai koma ba ni zan tsaya maka har a cike fom. Yawancinsu ba sa zuwa. In kuma ya kai ka wajen 'yan sanda ko shugaban kasuwa, ka je da hoton rasit biyun, da shafin walat da aka firinta, da littafin, ka jera su yadda ka jera a benci, lokaci bayan lokaci.

Shi Baba ranar Talata da azahar ɗan ya dawo shi kaɗai da sitatimen a hannu, shafi ɗaya. Layin yana nan, 20,400 ya koma tun daren Juma'ar ƙarfe 11:47, alat ne kawai bai shigo ba. Na karɓa na ɗauki hoto na haɗa da rasit biyun a waya, na ce ya gaida Baba. Ban aika a ce masa ka gani ko ba, ban kuma ba masu shayi labari ba duk da sun tambaya. Ranar Alhamis ya zo da kansa cirar dubu goma sha biyar, bai tayar da maganar ba ni ma ban tayar ba, sai dai da na'ura ta fara juyi ya ce wa yaron, in ta ƙi kar ka sake zurawa sai mun duba balas tukuna.